Nawa Ne, Yaushe Ne, Wane Asusu? Saƙon da Ke Raka Takardar Neman Biya

Takardar neman biya, wadda ma'aikatan ofis da manyan 'yan kasuwa suka fi kira invois, ba ta tafiya ita kaɗai. Ana maƙala ta ne a jikin imel ko a tura ta WhatsApp, sannan a rubuta 'yan layuka a samanta. Yawancin masu aikawa ba sa ɓata wa layukan nan lokaci. Sallama ce, sai gaisuwa, sai "ga takardar kayan nan, Allah ya ba da ikon biya." Shi ke nan. Daga nan sai zaman jiran alat.

Abin da mai aikawa yake mantawa shi ne, wanda zai danna maɓallin biya da wuya ya zama wanda aka yi cinikin da shi. A kamfani ko makaranta ko asibiti, manaja ne yake yin ciniki, amma akanta ne yake biya, kuma akantan bai ji taya ba, bai ji albarka ba, bai san an ba da wani kafin alƙalami ba. Saƙon kawai aka miƙo masa, sau da yawa bayan ya bi ta hannun mutum biyu ko uku. A waya zai karanta shi, tsakanin wasu takardu masu jiran sa hannu. Idan layukan sun gaya masa nawa zai biya, wace rana, a wane asusu, takardar ta shiga layin biya. Idan kuwa sai ya buga waya ya yi tambaya, to takardar ta koma gefen tebur, kuma gefen teburin akanta wuri ne da takarda kan yi wata guda ba a waiwaye ta ba.

Kuɗi ɗaya, lambobi biyar

A ɗauki misalin wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari ta Kano, wanda wani babban kamfani ya ba kwangilar kawo yadin da za a ɗinka wa ma'aikata kayan aiki. An yi ciniki a kan naira 4,000,000. Kamfanin ya ba da kafin alƙalami na naira 1,500,000. An kai kaya, an ƙirga, an sa hannu. Ranar Litinin 3 ga Maris, 2025 ɗan kasuwar ya rubuta invois ya aika, da saƙo mai cewa a taimaka a biya ragowar kuɗin yadi.

Nawa ne ragowar? A ƙwaƙwalwar manajan da aka yi cinikin da shi, miliyan huɗu a cire miliyan ɗaya da rabi, saura naira 2,500,000. Amma ɗan kasuwar yana da rajistar harajin VAT, wanda a Najeriya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari tun 1 ga Fabrairu, 2020. Harajin a kan miliyan huɗu ya kama naira 300,000, don haka jimillar da ke ƙasan invois naira 4,300,000 ce. A cire kafin alƙalami, saura naira 2,800,000. Wannan ita ce lambar da ɗan kasuwar yake nufi, amma bai rubuta ta a saƙonsa ba.

Shi kuwa akanta yana da tasa lambar. Doka ta ɗora wa manyan kamfanoni su yanke wani kaso na haraji daga kuɗin mai kwangila kafin su biya shi, su kai wa hukumar haraji da sunansa. Wannan shi ne abin da ake rubutawa WHT a takardun ofis. A ƙa'idojin da suka fara aiki a farkon 2025, kason mai kawo kayan da ba shi ya ƙera ba kashi 2 ne cikin ɗari, kuma a kan kuɗin kayan ake lissafa shi, ban da VAT. Kashi 2 na miliyan huɗu naira 80,000 ne. Abin da zai faɗa asusun ɗan kasuwar ke nan naira 2,720,000. Da a ce ma'aikatar gwamnati ce ta sayi yadin, har VAT ɗin za ta riƙe ta kai wa hukuma da kanta, alat ya nuna ƙasa da haka da naira 300,000.

Ga lambobi biyar ke nan a ciniki guda: 4,000,000 da 4,300,000 da 2,500,000 da 2,800,000 da 2,720,000. Babu maƙaryaci a cikin mutanen nan, kowa da hujjarsa. Amma ranar da alat ya shigo da lambar da ɗan kasuwa bai zata ba, abin da zai fara zuwa ransa shi ne an zaftare masa kuɗi, daga nan sai ja-in-ja.

Aikin saƙon shi ne ya zaɓi lamba ɗaya ya ɗaga ta sama da sauran: abin da ake nema a biya yanzu. A misalin nan naira 2,800,000 ce. Ita za ta fito a layin farko bayan gaisuwa, har ma a kan saƙon idan imel ne. Sauran lambobin su biyo baya a jimla ɗaya, a matsayin bayanin yadda aka kai gare ta: kuɗin kaya kaza, VAT kaza, an cire kafin alƙalamin da aka biya ranar kaza. Ambaton ranar da aka ba da kafin alƙalami yana da amfani, domin da ita akanta zai nemo shi a littafinsa. Idan mai aikawa ya san za a yanke masa harajin nan na WHT, gara ya faɗa da bakinsa, ya rubuta abin da yake sa ran gani bayan an yanke, kuma ya nemi a aiko masa da shaidar an kai kuɗin hukuma. Shaidar nan kuɗi ce, don da ita zai rage harajinsa na shekara. Ya kuma sa lambarsa ta TIN, saboda wanda ba shi da ita ninki biyu ake yanke masa.

Rubuta adadin da lambobi da kuma kalmomi tsohuwar ɗabi'a ce ta masu rubuta cak, kuma ba ta tsufa ba. Sifili ɗaya na iya faɗuwa a waya ba a lura ba, amma "naira miliyan biyu da dubu ɗari takwas" ba ya rikiɗewa ya zama dubu ɗari biyu da tamanin. Taƙaitawa irin ta 2.8m ko 280k ta hira ce, ba ta saƙon neman biya ba.

Da zarar ciniki ya ƙetare iyaka, sai sunan kuɗin ya zama rabin maganar. Ɗan Kano idan ya ce dala, kuɗin Amurka yake nufi. Ɗan Maraɗi ko Damagaram idan ya ce dala, sefa biyar yake nufi, jikka kuma sefa dubu. Sefar ma iri biyu ce: ta Nijar da sauran ƙasashen yammacin Afirka, wadda bankuna ke rubutawa XOF, da ta Kamaru da Cadi, wadda ake rubutawa XAF. Darajarsu ɗaya a kan yuro, amma bankunan da ke buga su daban ne. A Gana kuma, tun da aka cire sifili huɗu daga sidi a 2007, har yau akwai masu kiran sidi 100 miliyan ɗaya a baki. Sannan ga salon rubutu: wanda ya yi makarantar Faransanci yakan raba dubbai da ɗigo ko fili, ya rubuta 2.800.000, waƙafi kuma a wurinsa alamar ɓangaren kuɗi ne, saɓanin ɗan Najeriya. Maganin duka wannan shi ne a sa haruffa ukun da bankuna suka sani a gaban adadin, NGN ko XOF ko XAF ko GHS ko USD, sannan a maimaita adadin da kalmomi. Idan an yi ciniki da dalar Amurka amma da naira za a biya, saƙon ya faɗi farashin canjin da aka amince da shi da ranar da aka tsayar da shi. In ba haka ba kowa zai ɗauki farashin da ya fi masa daɗi, ɗaya na banki ɗaya na Wapa.

Kwana talatin daga yaushe?

A jikin invois ɗin ɗan kasuwar an buga "Net 30", kalmomin da manhajojin lissafi ke sakawa da kansu, ma'ana a biya duka cikin kwana talatin. Shi a lissafinsa, kwana talatin daga 3 ga Maris ya faɗa ranar Laraba 2 ga Afrilu. To amma saƙon bai isa teburin akanta ba sai 10 ga Maris, kuma kamfanoni da yawa daga ranar da takarda ta iso suke fara ƙirga, don haka a wurinsu 9 ga Afrilu ne. Wani akantan zai ce ranakun aiki ake nufi. A cire Asabar da Lahadi, a cire Litinin 31 ga Maris da Talata 1 ga Afrilu da gwamnatin tarayya ta ba da hutun ƙaramar Sallah a shekarar, sai wa'adin ya koma 16 ga Afrilu. Akwai kuma kamfanonin da tsarinsu shi ne sai wata ya ƙare sannan a fara ƙirga talatin ɗin, wanda ya kai maganar 30 ga Afrilu.

Tsakanin ranar farko da ta ƙarshe mako huɗu cur. Ga wanda shi ma bashin kayan ya ɗauko daga wani babban dila, mako huɗun nan ne ke raba shi da mutuncinsa a kasuwa.

Saboda haka saƙon bai kamata ya ba wa mai karatu aikin ƙirga ba. Ya faɗi ranar kanta: Laraba, 2 ga Afrilu, 2025. Sunan watan da haruffa, shekarar da lambobi huɗu, har da sunan ranar mako, domin idan an yi kuskure a lamba, sunan ranar zai tona shi. Rubuta 02/04/2025 ba ya wadatarwa idan abokin cinikin na waje ne. Ɗan Najeriya da ɗan Nijar da Baturen Ingila za su karanta 2 ga Afrilu, Ba'amurke kuwa da manhajar da aka saita da tsarin Amurka za su karanta 4 ga Fabrairu. Wannan ruɗanin yana yiwuwa a duk ranar da ba ta wuce 12 ga wata ba.

Lafuzzan da muka saba da su a baki sun fi wannan santsi. "Ƙarshen wata" na iya zama 25 ga wata ga mai jiran albashi, ko ranar ƙarshe ga mai kallon kalanda. "Bayan Sallah" ba shi da iyaka ta baya, kuma farkonsa ma sai an ga wata. "Nan ba da jimawa ba" da "idan hali ya yi" ladabi ne, amma babu akantan da zai iya shigar da su a kwamfuta, inda gurbin wa'adi rana yake karɓa. Ba sabon abu ba ne ga Musulmi: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi idan an ƙulla shi zuwa wani ajali ambatacce. Mai kunyar rubuta wa Alhaji rana yana iya tausasa lafazinsa yadda ya so, ya yi "ranka ya daɗe" sau uku, amma ranar ta zauna a wurinta.

Ƙaramin abu ɗaya ya rage: ranar ta turawa ce ko ta isowa? A cikin Najeriya bambancin kaɗan ne, tun da taransifa tsakanin bankuna kan isa cikin daƙiƙoƙi idan netwok bai yi gardama ba. Cak kuwa sai ya wanke, kuɗin ƙasar waje kuma yakan ɗauki 'yan kwanakin aiki. Mai son kuɗinsa a hannu ranar 2 ga wata sai ya ce kuɗin ya iso asusu kafin ƙarshen ranar. Abin da saƙon bai kamata ya yi ba shi ne ƙirƙiro sharaɗin da ba a yi shi a ciniki ba. A Birtaniya doka ta 1998 ta ba wa ɗan kasuwa damar ɗora ruwa a kan wanda ya makara, kashi 8 cikin ɗari a saman farashin babban bankinsu. Mai kwafo samfurin saƙo daga can ya aika wa abokin cinikinsa a Kano da layin tarar jinkiri a ciki, ya jawo wa kansa rigima biyu, ta ciniki da ta riba.

Lamba goma ba ta isa ba

Lambar asusu a Najeriya guda goma ce, tsarin da Babban Banki ya shigo da shi mai suna NUBAN. Tara na farko lambar asusun ne, ta goman kuma ana fitar da ita ne ta hanyar lissafi daga waɗancan taran haɗe da lambar bankin, don ta kama kuskuren bugawa. Tana kama da yawa, amma ba duka ba. Kuma lamba goma iri ɗaya na iya zama asusu a banki fiye da ɗaya, na mutane daban-daban. Zuwan kamfanoni irin su OPay da PalmPay, inda lambar wayar mutum ba tare da sifilin farko ba take zama lambar asusunsa, ya ƙara yawan irin wannan karo. Shi ya sa aika lamba tsirararta, ko da sunan banki a taƙaice, ganganci ne. Abu uku ne suke tafiya tare: cikakken sunan banki, lambar asusu, da sunan da ke kan asusun.

Na ukun ne aka fi yi wa sakaci, alhali shi ne mafi amfani. Duk wanda ya taɓa yin taransifa a Najeriya ya san da ya buga lamba ya zaɓi banki, suna yakan fito kafin ya tura. Wannan gata ne da wasu ƙasashe suka makara da samu. Birtaniya sai a 2020 manyan bankunanta suka fara irinsa. Amma sunan da ya fito ba ya amfanin komai idan mai biya bai san sunan da ya kamata ya gani ba. Sai a rubuta shi a saƙon daidai yadda banki ya ajiye shi, harafi da harafi, ba sunan da ke allon shago ba, ba kuma laƙabin da aka san mutum da shi a kasuwa ba. Muhammad da Mohammed da Muhammadu mutum ɗaya ne a unguwa, amma a allon akanta suna uku ne.

Daga nan sai matsalar da ta zama ruwan dare a kasuwanninmu: invois da sunan kamfani, asusu kuma da sunan mai kamfanin, ko ƙaninsa, ko yaron shagonsa mai na'urar POS. A cinikin hannu da hannu ba wanda ya damu. Akantan babban kamfani kuwa yana da gaskiya idan ya ƙi biya, domin gobe masu binciken kuɗi za su tambaye shi dalilin da ya sa kuɗin kamfani kaza ya tafi aljihun wane. Mai neman kwangila da manyan ma'aikatu ya buɗe asusu da sunan da ya yi rajista da shi a hukumar CAC. Idan dole sunayen sun bambanta, a yi bayanin tun ranar ciniki, a rubuce, kada akanta ya fara cin karo da shi a saƙon neman biya.

Asusu ɗaya ake bayarwa. Masu jera uku ko huɗu don "sauƙaƙa wa mai biya" kansu suke wahalarwa, don sai sun bi duka suna neman inda kuɗin ya faɗa, sun kuma saba wa abokin ciniki da ganin sababbin asusu, wanda shi ne abin da ɗan damfara yake so. Lambar kuma a buga ta a layinta ita kaɗai, yadda za a kwafe ta da yatsa. Hoton takardar da aka rubuta da biro yana tilasta wa mutum ya sake bugawa, kuma a nan ne 1 take zama 7. Masu ajiye bayanai a Excel su lura cewa yakan share sifilin farko idan ya ɗauki lambar a matsayin adadi, lamba goma ta koma tara.

Sai gurbin bayani, wanda manhajar banki ke kira Narration ko Remark. Saƙon ya faɗi abin da za a rubuta a wurin, kuma lambar invois ce ta fi dacewa. Mai abokan ciniki ashirin da ya ga alat na naira 2,720,000 daga wani suna da bai sani ba, lambar nan ce kaɗai za ta gaya masa bashin wa aka biya.

Ga yadda saƙon ɗan kasuwar zai kasance idan an gyara shi, ko da Turanci ko Faransanci za a mayar da shi:

"Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, barka da aiki. Ga invois mai lamba 0147 na yadin da muka kawo. Abin da ya rage a biya shi ne NGN 2,800,000, wato naira miliyan biyu da dubu ɗari takwas. Kuɗin kaya 4,000,000 ne, VAT 300,000, an cire kafin alƙalami 1,500,000 da kuka bayar ranar kaza. Idan za a yanke WHT na kashi 2, wato 80,000, muna sa ran ganin 2,720,000 tare da shaidar harajin. Muna roƙon kuɗin ya iso ranar Laraba, 2 ga Afrilu, 2025 ko kafin nan. Banki: bankin kaza. Sunan asusu: wane. Lambar asusu: kaza. A rubuta 0147 a gurbin bayani. Wannan shi ne asusun da kuka saka kafin alƙalami, kuma ba ma canja asusu ta saƙo. Idan wani saƙo ya zo da wata lamba da sunanmu, a kira mu a layin da kuka saba kafin a tura komai. Na gode."

Kafin a aika, a ajiye saƙon kusa da invois a duba lamba da lamba. Idan biyun suka saɓa, akanta ba zai zaɓi ɗaya ba, tsayawa zai yi. Mafi yawan saɓanin kuma daga kwafo saƙon watan jiya yake fitowa, a canja suna a manta da adadi.

Masu sojan gona

Layuka biyun ƙarshe na saƙon can suna da tarihi. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya yi rajistar kamfani a Latbiya da suna iri ɗaya da na Quanta Computer, kamfanin Taiwan da ke yi wa Google da Facebook na'urori. Ya riƙa aika musu takardun neman biya da saƙonni masu kama da na gaske, sai dai asusun nasa ne, a Latbiya da Saifurus. Kamfanonin biyu suka tura masa fiye da dala miliyan 120. Ya amsa laifinsa a kotun New York a 2019, aka ɗaure shi shekara biyar. A Afrilun 2018 kuma, aka kutsa imel ɗin babban jami'in kuɗi na Unatrac, kamfanin da ke sayar da injunan Caterpillar, aka riƙa aika umarnin biya da takardun bogi daga cikin akwatinsa, har aka kwashe kusan dala miliyan 11. Ɗan Najeriya Obinwanne Okeke ya sha ɗaurin shekara 10 a Amurka a 2021 saboda wannan da makamantansa. Hukumar FBI ta ce ƙorafe-ƙorafen da ta karɓa kan irin wannan damfara a 2023 kaɗai sun kai asarar kimanin dala biliyan 2.9.

Salon da ya fi shafar ƙaramin ɗan kasuwa mai sauƙi ne. Ɓarawo ya shiga imel ko WhatsApp na ɗaya daga cikin masu cinikin, ya yi shiru yana karatu har ranar da invois ta fito. Sai ya aika saƙo na biyu, da gaisuwa iri ɗaya da sa hannu iri ɗaya, yana cewa asusun farko ya samu matsala, a yi amfani da wannan, kuma a hanzarta. Alamominsa ke nan kusan kullum: sabon asusu, sunan da bai yi daidai da na kamfanin ba, gaggawa, da uzurin da zai hana a yi magana ta waya.

Saboda wannan ne wasu masana harkar kuɗi suke ganin kada a sa bayanin banki a jikin saƙo sam, a bar shi a invois kawai. Hujjarsu tana da ƙarfi, amma ba ta kai inda suke so ba, don wanda ya iya canja saƙo ya iya canja takardar PDF, aikin minti kaɗan ne. Daidaituwar saƙo da takarda tana kama kuskure, ba ta kama ɓarawo. Abin da ke kama ɓarawo yana wajen saƙon: asusun da aka riga aka sani tun cinikin farko, da kiran waya a lambar da ake da ita tun da, ba wadda ke ƙasan sabon saƙon ba. Gudummawar da saƙon zai bayar ita ce ya kafa ƙa'idar tun kafin ɓarawon ya iso. Idan kuwa da gaske an canja banki, sanarwar ta zo daban, da wuri, a takarda mai hatimi, a bi ta da kira, kada a cusa ta a saƙon neman biya. Mai biyan kuɗi mai yawa zuwa sabon asusu yana iya fara tura ɗan kaɗan, ya ji daga bakin mai shi cewa ya gani, sannan ya tura sauran.

Idan kuɗin daga waje zai zo

Mai fitar da riɗi ko citta ko fata zuwa ƙasashen waje yana buƙatar ƙarin layuka. Najeriya ba ta cikin tsarin IBAN, doguwar lambar asusun da Turai da Saudiyya da Daular Larabawa suke amfani da ita, don haka idan abokin ciniki ya nemi IBAN sai a gaya masa babu, a ba shi lambar asusun ajiyar kuɗin waje da lambar SWIFT ta bankin, mai haruffa 8 ko 11. Yawanci akwai bankin tsakiya da kuɗin zai bi ta cikinsa, a New York idan dala ce, kuma bankin mutum ne zai ba shi wannan bayanin a rubuce. A kwafe shi yadda yake, a kuma tabbatar asusun da aka bayar na irin kuɗin da za a turo ne, kada a ba da na naira ana jiran dala.

Cajin hanya shi ne abin da ya fi haddasa giɓi. A fom ɗin turawa akwai zaɓi uku. OUR na nufin mai turawa ya ɗauki dukan caji. SHA na nufin mai turawa ya biya bankinsa, sauran a cire daga kuɗin. BEN na nufin komai a kan mai karɓa. Idan saƙon bai ce komai ba, sau da yawa SHA ake zaɓa, sai invois na dala 10,000 ya iso da giɓin wasu 'yan daloli, littafi ya ƙi rufuwa, a shiga musayar saƙonni a kan kuɗin da bai kai wahalar ba. Mai son adadinsa cif sai ya tsayar da maganar tun a ciniki, ya kuma maimaita a saƙon cewa a zaɓi OUR, dala 10,000 ta iso asusu ba ragi.